Zarni a katifar soso: inda bekin soda ke aiki da inda ƙarfinta ya ƙare

Duk wanda ya saba sammako a unguwannin Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san wannan: kafin rana ta yi zafi an jingine katifa a jikin katanga, ko an ɗora ta a kan turmi biyu a tsakar gida, tsakiyarta da wani zagaye mai duhu. Ba a tambaya, kowa ya san abin da ya faru cikin dare. Da la'asar a mayar da ita ɗaki ta bushe ƙayau, a shimfiɗa zanin gado, a turara ɗakin.

Bayan kwana biyu zarnin ya dawo. Idan damina ce ma ba ya kai kwana biyun.

'Yan shekarun nan wata shawara ta bazu tsakanin matan gida, daga zauren biki har ajin koyon girki: a barbaɗa bekin soda, wari ya tafi. Wasu sun gwada sun ga aiki, wasu sun zazzage gwangwani guda ba abin da ya sauya, har suna cewa yaudara ce. Dukkansu gaskiya suka faɗa, domin hodar tana aiki, amma a wani mataki guda cikin matakan wankin, kuma ba shi ne na farko ba.

Daga tabarma zuwa soso

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar kamar mu ba. Tabarmar kaba ana fitar da ita a kwara mata ruwa, kafin azahar ta bushe. Katifar rimi ko ta auduga kuwa ana farke ta, a zubar da abin da ya ɓaci, a wanke buhun, mai katifa ya sake ɗurawa.

Soso ya zo da wani hali dabam. Sinadarin da ake yin sa da shi, foliyuretan, an ƙirƙiro shi a Jamus a 1937, kamfanoni irin su Vitafoam, wanda aka kafa a Legas a 1962, suka yaɗa katifarsa a Najeriya, har ta zama ba a haɗa kayan ɗakin amarya babu ita. Laushin da ya sa aka so ta shi ne matsalarta. Cikin soson ƙananan ramuka ne birjik, masu buɗewa cikin juna, iska na shiga tana fita. Hanyar da iska ke bi, ita ruwa ke bi.

Yaro ɗan shekara shida mafitsararsa na ɗaukar abin da ya ɗan haura gwangwanin madara guda, wato wajen mililita 200. Idan ya sake shi yana barci, nauyin jikinsa na danna soson, duk juyin da ya yi soson ya matse ya saki, yana zuƙar fitsarin yana tura shi ƙasa da gefe. Shi ya sa tabon da ake gani a saman yadi ƙarami ne a kan wurin da ya jiƙe a ciki. Mai wanki da ya tsaya a iyakar tabon ya bar gefe da ƙasa ba a taɓa ba.

Me ke kawo zarnin

Sabon fitsarin mai lafiya ba shi da wari sosai. Kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, sauran gishiri ne da wani sinadari da ake kira yuriya, da ɗan yurik asid. Zarni yana zuwa ne daga baya, lokacin da ƙwayoyin bakteriya da ke kan fata da yadi da ƙura suka fara farfasa yuriyar suna mayar da ita amoniya. Amoniyar ce ke hawa kai ta sa ido ruwa. Ɗumi da laima na hanzarta wannan aiki, don haka katifar da ta kwana a jiƙe a ɗakin da ke rufe cikin watan Afrilu, kafin hantsi ta fara bugun hanci.

Shanya tana fitar da ruwa ne kawai. Yuriya da gishiri da yurik asid ba sa tashi da rana, suna nan a maƙale cikin ramukan soson, a bushe. Da zarar laima ta same su, ko ta gumin mai barci ko ta iskar watan Agusta, bakteriya su farfaɗo su ci gaba daga inda suka tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa katifar da ta yi shiru duk hunturu take tona asirin gida da faɗuwar ruwan farko. Yurik asid kuma ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, shi ya sa tsohon tabo yake da taurin kai.

A nan ne ya kamata a faɗi abin da masu yaɗa shawarar ba su cika faɗa ba. Bekin soda tana ɓangaren kanwa ne, ba ɓangaren tsami ba, sai dai mai sauƙi ce ƙwarai. Warin da take kashewa da kyau shi ne wanda ya fito daga abu mai tsami, kamar na gumi ko madarar da ta lalace. Amoniya kuwa ita ma ɓangaren kanwar take, har ta fi hodar ƙarfi, saboda haka hodar ba ta da wani kataɓus a kanta. Abin da ke karya amoniya abu ne mai tsami, wato farin ruwan kal, wanda wasu ke kira binega. Idan ya haɗu da ita yakan mayar da ita gishirin da ba ya tashi cikin iska, a tsane shi da tsumma.

To, ina amfanin hodar? Tana tsotse laimar da ke saman soson tare da abin da ke narke a cikinta, tana kashe ragowar tsamin ruwan kal, tana kuma kama sauran ƙananan warin da ke tare da fitsari. Aiki ne mai amfani, amma na ƙarshe ne. Wanda ya barbaɗa ta a kan katifar da ba a tsane ba, kwaɓi kawai zai samu.

A tabbatar hodar ce

Kafin a kai ga katifa, akwai tuntuɓen da ake yi tun a shago. Abubuwa uku ne sunansu ke kama da juna.

Bekin soda, wadda a Nijar aka fi sani da bikarbonat, farar hoda ce mai laushi kamar gishirin da aka niƙa, ana samun ta wurin masu kayan kek da manyan kantuna da wasu kyamis. A jikin wasu kwalaye za a ga alamar NaHCO₃. Bekin foda ta cincin da kek dabam ce: bekin soda ce aka haɗa da wani tsami da sitaci. Idan ta jiƙe a katifa sitacin yakan yi danƙo, ya kira tururuwa da funfuna.

Ta ukun ita ce mai haɗari. A kasuwa idan aka ce "soda" kawai, da yawa za su miƙo sodar haɗa sabulu, mai ɓarɓashi ko ƙwaya-ƙwaya, wadda ke zafafa ruwa idan an zuba ta, tana cin fata, tana makantarwa idan ta shiga ido. Yaron da aka aika da kalma ɗaya zai iya dawowa da ita. Ko kusa kada ta je inda mutum zai kwanta.

Gwajin ba wuya. A ɗebi rabin cokali a zuba a ruwan ɗumi: bekin foda za ta yi kumfa nan take, bekin soda kusan shiru za ta yi. A ɗiga mata lemon tsami, sai ta taso fuu.

Wasu tsofaffi kan ce ai kanwa ma ta isa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga tana ɗauke da wannan sinadarin. Sai dai tana haɗe da wani ɗan uwansa da ya fi shi kaifi, ga yashi da ƙasa, don haka takan bar tabo a yadi ta kuma yi wa fatar yaro kaushi.

Ƙarfe biyun dare

A ɗauki misalin yaron nan ɗan shekara shida a kan katifa mai kaurin inci shida, uwa ta farka ta ji zani a jiƙe. Minti goma na farko sun fi duk abin da za a yi gobe muhimmanci.

A tashi yaron, a yaye zanin gado da duk abin da ke kai. A samo tsohon tawul ko tsummokaran atamfa busassu, a ninka, a ɗora a wurin, a danna da tafin hannu biyu da nauyin jiki, a ƙirga kamar ashirin, a ɗaga. A juya busasshen ɓangare a sake. Ba a gogawa, domin guga tana baza fitsarin zuwa inda bai kai ba. Ana farawa daga gefen tabon a nufo tsakiya. Idan tawul ya jiƙe a sauya wani, a ci gaba har sai tsumma ya daina ɗaukar komai. Katifa mai tauri ana iya taka tawul ɗin da ƙafa a hankali. Duk abin da ya fito a wannan mataki ba sai an yi faɗa da warinsa ba har abada.

Sai ɗauraya da ruwa zalla, mai sanyi. Kofi guda ya isa, a zuba kaɗan-kaɗan a kan wurin, a tsane kamar ɗazu, a maimaita sau biyu ko uku. Kada a yi amfani da ruwan zafi, yana kama tabo a yadi yana kuma tayar da wari. Ƙa'idar ita ce duk ruwan da aka zuba sai an fitar da shi kafin a ƙara wani.

Daga nan ruwan kal. A haɗa rabin kofi na farin kal, irin na girki mai ƙarfin kashi biyar cikin ɗari, da rabin kofin ruwa. Idan akwai gorar feshi ya fi, idan babu a huda murfin gorar ruwa da allura. A fesa har yadin ya jiƙe soson da ke ƙasa ya ɗan sha, a wuce iyakar tabon da kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. A bar shi minti goma zuwa sha biyar, a tsane sosai. Ɗakin zai ɗauki warin tsami, kada ya tayar da hankali, yana tafiya da bushewa.

Yanzu ne lokacin hoda. Wurin ya kasance da danshi kawai, wanda idan an danna da yatsa ruwa ba ya tasowa. A barbaɗa ta a bushe har yadin ya ɓace a ƙarƙashinta, kaurin kamar rabin ƙwayar gyaɗa. Tabo mai faɗin faranti babba zai ci cikin gwangwanin madara ɗaya zuwa biyu, wato giram 150 zuwa 300. A ɗan shafa da tafin hannu don ta shiga saƙar yadin. Za a iya jin hodar tana ɗan tsuwa, haɗuwarta ce da ragowar kal.

Sai a ƙyale ta. Awa takwas shi ne mafi ƙaranci, wuni da kwana ya fi. Yaro ya koma tabarma. A buɗe taga, a kunna fanka idan da wuta.

Hodar da kanta za ta ba da labari. Idan da safe an tarar ta dunƙule, ta yi ɓawo, ko ta koma ruwan ɗorawa, ta sha iya shanta, a kankare ta a zuba sabuwa. Idan ta kwana tana nan fara, tana warwatsewa tsakanin yatsu, saman ya bushe.

Littattafan Turawa kan ce a zuƙe ta da injin shara. Gidajenmu kaɗan ne ke da shi, kuma ba dole ba ne. A fitar da katifar waje, a share da buroshi mai tauri ko sabuwar tsintsiyar laushi, a tayar da ita tsaye wurin tabon na kallon ƙasa kaɗan, a bubbuga bayanta da sanda. Idan jariri ne zai kwanta a kai, a tabbatar ba a bar ƙurar da zai shaƙa ba.

Kuskure ɗaya da ya yi yawa shi ne haɗa kal da bekin soda a kwano guda. Kumfar da ke tashi tana burge ido, mutum ya ɗauka ƙarfi ne. Alhali kashe juna suke yi, abin da ya rage ruwan gishiri ne da ba ya karya amoniya, ba ya kuma tsotse laima. Kowanne da lokacinsa.

Bushewa ita ce rabin aikin

Masu sayar da katifa sukan gargaɗi mai saye da kada ya jiƙa ta, kada kuma ya bar ta a rana. Matan gida kuwa sun san ba abin da ke busar da katifa kamar rana. Kowa da hujjarsa. Hasken rana kai tsaye yana sa soson da ba shi da riga ya koma rawaya, a kwana a tashi ya fara marmashewa. Amma katifar da ke cikin rigarta, awa uku ko huɗu na rana jefi-jefi ba za su kashe ta ba, laimar da aka bari a ciki ta fi ranar ɓarna nesa ba kusa ba.

Abin lura shi ne yadda ake shanyawa. Katifar da aka shimfiɗe a kan siminti samanta ne kawai ke bushewa. A jingine ta a tsaye, ko a ɗora a kan benci biyu, iska ta ratsa ta sama da ƙasa, a juya ta tsakar rana. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har leɓe na tsagewa, wuni ɗaya kan wadatar. Cikin Agusta ana iya kwana biyu ko uku, kuma idan soso ya wuce kwana biyu a jiƙe funfuna na iya kama shi. Saboda haka da damina a rage ruwan da ake zubawa, a ƙara yawan tsanewa.

Don a gane ko cikin ya bushe, a ɗora busasshiyar takarda ko farin ƙyalle a wurin, a durƙusa a kai da gwiwa na minti ɗaya. Idan ya fito da sanyi ko danshi, da saura. Gwajin wari kuma ba a yin sa a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. A rufe wurin da leda na awa guda, a ɗaga a sansana nan take.

Kada a yi gaggawa da wuta. Dutsen guga yana narkar da soso. Kaskon turare ko na gawayi kusa da katifa kuwa ganganci ne, domin soso yana kamawa da sauri, hayaƙinsa baƙi ne mai guba da ke iya kayar da mutum kafin wutar ta iso shi. Turaren wuta dai ba ya cire zarni, hawa kansa yake yi, kuma duk wadda ta taɓa shiga ɗakin da aka haɗa su biyun ta san abin da hakan ke haifarwa.

Tsohon tabo

Katifar da ta sha fitsari wata da watanni, ana shanyawa ana mayarwa, labarinta dabam. Abin da ya bushe a ciki sai an sake narkar da shi kafin ya fito. A jiƙa wurin da haɗin kal da ruwa fiye da na sabon tabo, a rufe da leda na kamar rabin awa don kada ya bushe da wuri, a tsane, a ɗauraye, a sake tsanewa, sannan hoda. A farkon jiƙawar warin zai ƙaru, alama ce ruwan ya kai inda ake so. Sau da yawa sai an yi zagaye biyu ko uku, ana barin katifar ta bushe tsakaninsu.

Idan launin ya ƙi fita, akwai haɗin haidirojin, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Kofi guda na mai ƙarfin kashi uku cikin ɗari, cokali uku na bekin soda, da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa. A duba jikin kwalbar, domin wanda ake sayarwa a kyamis da yawa mai kashi shida ne, shi sai an sirka da ruwa daidai da shi. A haɗa a yi amfani da shi nan take, ba a ajiye shi a rufaffiyar gora saboda yana tara iska. A fesa sama-sama, a bari ya bushe, a share. Yana iya koɗar da yadi mai launi, don haka a fara gwadawa a gefen da ba a gani, kuma yawan sa yana raunana soso. Ba a zuba shi gora ɗaya da kal.

A manyan kantuna akan samu ruwan wanki mai enzayim, wanda ake yi musamman don fitsari. Shi yana farfasa ragowar ne maimakon rufe ta, kuma a kan tsohon tabo ya fi duk haɗin gida, balle idan kyanwa ce ta yi, wadda fitsarinta ya fi na mutum kauri da naci. Yana son lokaci da danshi, kuma a sa shi shi kaɗai, domin kal da haidirojin na iya hana shi aiki.

Abu ɗaya ne ba a sasantawa a kansa: bilic, irin wanda ake sa wa fararen kaya. Idan ya haɗu da amoniyar tsohon fitsari yana fitar da iska mai ƙona ido da huhu, idan ya haɗu da kal kuma iskar kulorin yake saki, wadda ta fi muni. A rufaffen ɗaki da yara a ciki abin ba wasa ba ne. Ga shi kuma yana cinye soson.

Ƙaramar katifar ɗalibi mai inci biyu ko uku ana iya yi mata wankan gaba ɗaya da rani: a farke rigar a wanke dabam, a shimfiɗa soson a kan siminti mai tsabta, a zuba ruwa ana takawa har ruwan ya fito fari, a tatse ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa mai iska. Kada a gwada wannan da babbar katifa, ko da irin soson nan mai tsada da ke lotsawa a hankali ya riƙe siffar hannu. Shi yana riƙe ruwa ƙwarai, yana kuma yagewa idan ya jiƙe.

Batun tsarki

Ga yawancin masu karanta wannan, wari ba shi ne kaɗai damuwa ba, fitsarin mutum najasa ne. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa, ruwa tsarkakakke wanda ba abin da ya sauya shi ne ke gusar da hukuncin najasa. Ruwan kal da hoda suna tsabtacewa, amma ba sa tsayawa a madadinsa. Wannan wani dalili ne na kada a tsallake ɗauraya da ruwa zalla.

Malamai sun kuma yi sauƙi inda abu ya yi wuya. Launi ko warin da ya ƙi fita bayan an wanke ana yafe shi. Busasshiyar najasa ba ta komawa jikin busasshen tufafi, saboda haka wanda ya kwanta a kan zanin gado mai tsarki ba a ce kayansa sun ɓaci ba, sai idan laima ta ratsa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta halatta wa majinyacin da ke kan shimfiɗa mai najasa ya shimfiɗa tufa mai kauri mai tsarki a kai ya yi salla. Masu jinyar tsoho ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye suna bukatar sanin wannan.

Yaron, da rigar katifar

Ma'aikatan lafiya suna kallon abin ta wata fuska. Wajen yaro ɗaya cikin shida ko bakwai na 'yan shekara biyar yana fitsarin kwance, kuma kowace shekara wasu na dainawa da kansu. Abin yana bin jini: idan uwa ko uba ya yi, akwai yiwuwar ɗa ya yi. Duka da gori da tara masa yara su yi masa waƙa ba sa gyara mafitsara. Abin da suke jawowa shi ne yaro ya riƙa ɓoyewa, ya ja bargo ya rufe wurin, sai a gano bayan fitsarin ya kwana ya wuni, lokacin da mataki mafi amfani ya riga ya wuce. Yaron da ya san zai iya cewa "Umma, na jiƙa" ba tare da ya sha mari ba, shi ke ceton katifa.

Akwai lokacin da maganar ta wuce ta wanki. Yaron da ya daina ya fi wata shida sannan ya dawo, ko mai yawan ƙishirwa da rama, ko mai kuka wurin fitsari, ko wanda ake ganin jini a fitsarinsa, asibiti ya kamata a kai shi, domin ciwon suga da ciwon mafitsara da tsargiya duk suna zuwa ta haka. Masu sikila ma sun fi sauran yara yin sa, kuma su ba a rage musu ruwan sha saboda katifa.

Inda abin ke faruwa kowane dare kuwa, ba hodar da za ta iya biye masa. Kuɗin gwangwani biyu-biyu na wata guda sun sayi makintosh, ko rigar katifa mai hana ruwa wadda ke da roba a kusurwa. Ta rufe har gefe, a ɗora zani mai kauri a kai saboda zafi. Ledar kamfani da wasu ke bari a jikin katifa shekara da shekaru tana karewa muddin ba ta huje ba. Da ta yage, fitsari ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, sai ya zama gara babu ita. Ga jariri kuma sakakkiyar leda mai laushi haɗari ce, tana iya rufe masa hanci. Kuma kada a sa wa katifa rigar roba sai an tabbatar cikinta ya bushe sarai.

Wani lokaci soson ya riga ya tafi. Idan an farke riga an ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun shiga ciki, ko wurin yana marmashewa a hannu, ko fitsarin ya ratsa har ɗaya gefen kuma zagaye uku bai sauya komai ba, a daina ɓarnar hoda. Masu gyaran kushin suna iya yanke wurin da ya lalace su liƙa sabon soso mai tauri iri ɗaya, su ɗinka sabuwar riga, a kan kuɗin da bai kai na sabuwar katifa ba. Idan funfunar ta bazu, musamman a ɗakin mai asma ko jariri, sai dai a sauya katifar.